Taken saƙon imel: layin da ke sa manaja ya buɗe wasiƙa ko ya wuce ta

Taken saƙo shi ne gajeren layin da ake rubutawa a gurbin da manhajojin imel suka sanya wa suna `Subject`, ƙasa da adireshin wanda za a aika wa, sama da gundarin wasiƙar. Mutane da yawa sukan bar shi sai sun gama rubutu, sannan su cike shi da duk abin da ya fara zo musu a rai, ko su bar shi wayam. Amma a wurin mai karɓa, musamman manaja ko darakta da saƙonni ke yi wa yawa, wannan layin ne yake fara gani, kuma sau da yawa da shi kaɗai yake yanke shawarar buɗe saƙon yanzu, ko anjima, ko kuma ya wuce shi. Wannan bayani zai nuna dalilin haka, da yadda ake gina take mai aiki, ta hanyar bin misali ɗaya daga Kankiya da wani daga Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina.

Abin da manaja ke gani a zahiri

Mai aika saƙo yana kallon wasiƙarsa gaba ɗayanta, da gaisuwa da bayani da takardun da ya maƙala. Mai karɓa kuwa jeri yake gani. A manhajar Gmail ta waya, kowane saƙo yana fitowa ne a layi uku: sunan wanda ya aiko a sama, taken saƙo a tsakiya, sai ɗan tsakure daga farkon wasiƙar a ƙasa, da lokacin zuwansa a gefe. Allon waya ba ya ɗaukar saƙonni fiye da 'yan ƙalilan a lokaci guda, yawanci ƙasa da goma, sauran kuma sai an ja allon kafin a gan su.

Faɗin allon ma yana da iyaka. Wayar hannu takan nuna haruffa kimanin 30 zuwa 40 na take, gwargwadon girmanta da girman rubutun da mai ita ya zaɓa, sai ta datse sauran ta sa ɗigo uku. Kwamfuta takan nuna fiye da haka, amma manajan da ke tsakanin taro da taro, ko yake cikin mota a kan hanyar Kano zuwa Katsina, a waya yake duba saƙonninsa. A wannan ƙidayar har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, domin ita ma wuri take ci.

Abin da manajan ke yi a wannan duba na farko tacewa ce, ba karatu ba. Yana neman amsar tambayoyi uku a kan kowane saƙo: shin wannan ya shafe ni, me ake so in yi, kuma yaushe. Saƙon da takensa ya amsa su yakan samu matsayi a cikin ayyukan ranar. Wanda bai amsa ba yakan shiga rukunin “zan duba anjima”, kuma da yake sababbin saƙonni a sama suke sauka, kafin la'asar ya gangara ƙasan da ido ba ya kai wa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Take shi ne fuskar saƙo.

Ba sabon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnati

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma ya san wannan ƙa'ida tun kafin zuwan imel. Wasiƙar ofis tana da kan magana da ake rubutawa bayan gaisuwar buɗewa, a ja masa layi. Da wannan kan maganar ne akawun rajista ke gane fayil ɗin da takarda za ta shiga da teburin da za a kai ta. Fayil ma yana da lamba da suna a bangonsa, kuma ƙa'idar aiki ita ce magana ɗaya, fayil ɗaya. Takardar da ta zo ba kan magana takan kwana a rajista, domin babu wanda ya san inda za a jefa ta.

Imel ya gaji wannan tsari daga takardun cikin ofis. Ƙa'idar da ta tsara fasalin saƙon imel, wadda ake kira RFC 822, ta fito a 1982, kuma wadda ake aiki da ita yanzu, RFC 5322, ta fito a 2008. A cikinsu an ware wa take gurbi na musamman daban da gundarin saƙo. Ƙa'idar ta 2008 ta ba da shawarar kada layi ya wuce haruffa 78, ta kuma yi bayanin cewa `Re:` da ke fitowa a farkon amsa daga Latin ya samo asali, ma'anarsa “game da batun”. Wannan shi ne dai `RE:` ɗin da akawu ke bugawa a kan wasiƙar amsa.

Bambancin shi ne a imel babu akawu, babu masinja. Manajan da kansa ne rajistar kansa, kuma yana yin aikin ne da babban yatsa a cikin daƙiƙoƙi. Saboda haka nauyin da akawu ke ɗauka a da, na gane batun takarda da sanya ta inda ta dace, ya koma kan wanda ya rubuta saƙon.

Misali daga Kankiya: tirelar taki da ba ta cika ba

A ɗauka wani dilan takin zamani ne a Kankiya, garin da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Ya biya kuɗin tirela ɗaya daga wani kamfani a Kano, buhu 600 masu kilo 50 kowanne, wato tan 30. Motar ta iso ranar Litinin 12 ga Mayu, aka sauke a sito, aka ƙirga buhu 560. Saura 40, tan biyu ke nan. Direba ya sa hannu a takardar kaya mai lamba 4417 cewa haka aka ƙirga a gabansa. Dilan ya ji cewa wata motar kamfanin za ta bi ta Kankiya zuwa Katsina ranar Juma'a 16 ga wata. Idan manajan sayarwa ya amince kafin a tashi aiki ranar Alhamis, za a ɗora cikon a kanta. Idan bai amince ba, sai dilan ya jira wata motar, ko ya ɗauki hayar ƙaramar mota da kuɗinsa, alhali manoman da suka ba shi kuɗinsu tun kafin faɗuwar damina suna jira.

Ga take na farko da mutum zai iya rubutawa:

```
Assalamu alaikum ranka ya daɗe
```

Haruffa 30 ne cif, wato kusan duk wurin da waya ke nunawa. Ladabi ne, amma bai faɗi komai ba game da taki, ko Kankiya, ko ranar Alhamis. Manajan zai iya ɗaukarsa gaisuwa ce, ko neman alfarma, ko neman aiki, kuma duk waɗannan suna iya jira.

Take na biyu ya ɗan fi:

```
Game da kayan da aka kawo mana Kankiya ranar Litinin waɗanda ba su cika ba
```

A nan maganar tana ciki, amma tana ƙarshe. Abin da zai fito a wayar manaja shi ne “Game da kayan da aka kawo mana...”, sai ɗigo uku. Kalmomin da suka fi muhimmanci, wato “ba su cika ba”, su ne aka datse. Ko da ya ga layin duka a kwamfuta, zai fahimci akwai ƙorafi, amma ba zai san me ake so ya yi ba, ko cewa akwai wa'adi. Ƙorafin da ba wa'adi kuwa ana iya ajiye shi zuwa mako mai zuwa.

Take na uku shi ne wanda mutane ke komawa gare shi idan rai ya ɓaci:

```
GAGGAWA!!! A TAIMAKA A DUBA
```

Wannan ya nuna damuwar mai aikawa, bai nuna dalilinta ba. Manyan baƙaƙe sun fi ƙanana cin wuri a allo, don haka an rage abin da za a iya gani. Bugu da ƙari, irin wannan salon ne 'yan damfara da masu tallace-tallace ke amfani da shi, kuma ma'aikatan bankuna da kamfanoni an sha gargaɗinsu su yi hattara da saƙon da ke matsa musu lamba ba tare da bayani ba. Manajan da ya saba ganin “gaggawa” a kan abin da ba na gaggawa ba yakan daina kula kalmar.

Ga wanda zai yi aiki:

```
A amince kafin 15/5: cikon taki buhu 40, Kankiya, takardar kaya 4417
```

Layin duka haruffa 68 ne, amma haruffa 39 na farko sun ƙare a kan “buhu 40”. Ko da wayar ta datse sauran, manajan ya riga ya san abu uku: amincewarsa ake nema, wa'adin 15 ga wata ne, kuma cikon taki ne buhu 40. Sunan gari da lambar takarda suna baya, domin amfaninsu ba na duban farko ba ne. Za su yi aiki idan ya tura saƙon ga mai kula da sito, wanda zai nemi takardar 4417 a littafinsa ba tare da ya kira kowa ba, da kuma ranar da wani zai nemi saƙon bayan wata uku.

Sassa huɗu da jerinsu

Daga wannan misali ana iya fitar da tsarin. Sashe na farko shi ne aikin da ake so a yi, kuma a faɗe shi da kalmar aiki: a amince, a sa hannu, a biya, a zaɓa, a halarta. Idan ba a buƙatar komai daga mai karɓa, a rubuta “Don sani”, domin wannan ma taimako ne, ya san zai iya barinsa sai ya samu sarari. A 2016 mujallar Harvard Business Review ta buga wata maƙala ta Kabir Sehgal, wanda ya yi aiki da rundunar sojan ruwan Amurka, inda ya bayyana yadda sojoji ke fara taken saƙo da kalma ɗaya mai nuna nau'in buƙata, kamar `ACTION` ko `SIGN` ko `INFO` ko `DECISION`. Ma'aikacin da ofishinsa ke aiki da Turanci zai iya amfani da waɗannan kai tsaye. Tsarin ɗaya ne a kowane harshe.

Sashe na biyu shi ne wa'adi, in akwai. A rubuta kwanan wata, kada a rubuta “gobe” ko “yau”. Saƙon da aka aika da daren Litinin aka rubuta “gobe”, idan an buɗe shi ranar Laraba, ba wanda zai san wace goben ake nufi sai ya duba ranar aikawa. Wa'adin kuma ya zama na gaskiya. Dilan Kankiya ya sa 15 ga wata ne domin mota za ta tashi 16. Wanda ya ƙirƙiri wa'adi don a yi masa sauri, ranar da aka gane, wa'adinsa na gaba ba zai yi nauyi ba.

Sashe na uku shi ne abin da ake magana a kai, da sunansa da adadinsa. “Kaya” ba suna ba ne a wurin manajan da ke sayar da taki da iri da maganin feshi. “Taki buhu 40” suna ne. Adadi yana taimaka masa ya auna girman lamarin tun kafin ya buɗe: buhu huɗu na iya zama aikin mai sito, buhu 40 na buƙatar sa hannunsa.

Sashe na huɗu shi ne alamar ganewa: gari, lambar takarda, lambar fayil, ko watan da rahoto ya shafa. Wannan ne ke bambanta saƙon da sauran masu kama da shi. Kamfanin da ke da diloli a Kankiya da Ingawa da Dutsin-Ma zai iya samun ƙorafin ciko uku a mako guda.

Jerin yana iya sauyawa gwargwadon abin da ya fi nauyi. Idan babu wa'adi, abin da ake magana a kai sai ya matso gaba. Ƙa'idar dai ita ce kalmomin da idan aka datse su saƙon ya lalace su ne za su riga shiga. Kalmomi irin su “game da”, “dangane da batun”, “takardar neman” ana iya zubar da su ba tare da an rasa komai ba.

Ina gaisuwa za ta shiga?

Bahaushe ba ya fara magana da na gaba da shi ba sallama, kuma wasu na jin taken da ya fara da “A amince” kamar umarni ne ga shugaba. Abin lura shi ne take ba magana ba ce da ake yi wa mutum, suna ne da ake rubutawa a bangon fayil, kuma ba a taɓa rubuta gaisuwa a bangon fayil ba. Wanda yake son sassautawa zai iya cewa “Neman amincewa”, sai dai ya san ya ƙara haruffa shida. Gaisuwa wurinta farkon wasiƙa.

Amma a nan ma akwai abin kiyayewa, domin layi na uku da manaja ke gani a jerin saƙonni daga farkon wasiƙar ake ɗebo shi. Idan aka cika shi da gaisuwar iyali da aiki da gajiya, an yi asarar wuri na biyu. Dilan zai iya buɗewa da cewa: “Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Tirelar da ta iso Litinin 12/5 buhu 560 ta kawo maimakon 600. Ina roƙon a amince a ɗora cikon 40 a motar Juma'a.” Sallama ta samu, girmamawa ta samu, kuma jimla ta biyu ta riga ta shiga magana. Sauran bayani, da hoton takardar da direba ya sa wa hannu, sai su biyo baya.

Misali daga Kusada: magana ta biyu a cikin tsohon saƙo

Kuskuren da ya fi yawa a ofisoshi ba rashin take ba ne, amfani da tsohon take ne a kan sabuwar magana. A ɗauka wani jami'i ne a Kusada da ke aika rahoton wata-wata ga shugabansa a Katsina. A ƙarshen Afrilu ya aika saƙo mai take “Rahoton Afrilu, Kusada”, shugaban ya amsa da godiya. Bayan mako biyu sai ga wata buƙata dabam: ana so shugaban ya sa hannu a jerin sunayen ma'aikata shida da za su halarci horo, kuma za a rufe karɓar sunaye ranar 20 ga Mayu. Don gudun neman adireshi, jami'in ya buɗe tsohon saƙon ya danna `Reply`, ya rubuta buƙatarsa.

Abin da ya isa wayar shugaban shi ne `Re: Rahoton Afrilu, Kusada`. A wurinsa wannan magana ce da ta riga ta ƙare, kuma abin da zai zata shi ne jami'in ya amsa godiyar da ya yi masa. Gmail kuma yana tara saƙonni masu take ɗaya da amsoshinsu a dunƙule guda, don haka sabuwar buƙatar ta shige ƙarƙashin tsohon rahoto. Ranar 21 ga wata, idan aka tambayi dalilin da ya sa sunayen Kusada ba su shiga ba, jami'in zai ce ya aika, shugaban zai ce bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Maganin shi ne ƙa'idar rajista: sabuwar magana, sabon saƙo, sabon take.

```
A sa hannu kafin 20/5: sunayen horo, mutum 6, Kusada
```

Idan akwai dalilin ci gaba da tsohuwar tattaunawa amma batun ya sauya, Gmail na kwamfuta yana da zaɓin `Edit subject` a cikin akwatin amsa, kuma da zarar an sauya take, saƙon yakan fita daga tsohon dunƙulen ya tsaya da kansa. Akasin haka ma gaskiya ne: muddin magana ɗaya ake ci gaba da yi, kada a taɓa taken, domin tarihin maganar ya zauna wuri guda.

Daga nan wata ƙa'idar ke fitowa. Idan mutum ya kasa rubuta take ɗaya da zai rufe saƙonsa, yawanci alama ce cewa magana biyu ya haɗa. Saƙon da ya ƙunshi rahoton wata da neman sa hannu da ƙorafin babur ɗin ofis, manaja zai amsa mafi sauƙi a ciki, ya manta sauran. Gara a raba shi uku.

Take bayan an karanta saƙo

Aikin take ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe saƙo. Bayan watanni, idan lissafi ya tashi tsakanin dila da kamfani, ko mai binciken kuɗi ya nemi shaidar amincewa, da take ake nemo saƙon. A Gmail ana iya taƙaita bincike ga take kawai:

```
subject:4417
subject:(taki Kankiya)
```

Layi na farko zai fito da duk saƙon da ke da lambar a takensa, na biyu kuma wanda ya haɗa kalmomin biyu. Saƙon da aka sa wa “Assalamu alaikum” ko aka bari ba take, wanda Gmail ke nunawa da `(no subject)`, sai an bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya kafin a same shi.

Akwai abu biyu da suka shafi mai rubutu da Hausa musamman. Na farko, sunan gari. A takardun gwamnati na Turanci ana rubuta Kankia, a Hausa kuma Kankiya, kuma a wurin na'ura waɗannan kalmomi biyu ne dabam. Ofis ko kamfani ya tsayar da rubutu ɗaya, kowa ya bi. Na biyu, haruffa masu ƙugiya. A wurin na'ura ɗ ba d ba ce, ƙ ba k ba ce, don haka wanda ya nemi “kudi” yana iya rasa saƙon da aka rubuta “kuɗi”. Asalin ƙa'idar imel haruffan Turanci kawai ta yarda da su a take, sai daga baya aka kawo hanyar naɗe sauran haruffa, wadda ke cikin ƙa'idar RFC 2047 ta 1996. Manhajojin yanzu suna warware naɗin ba tare da mai karatu ya sani ba, amma tsohon tsari na iya nuna “kuɗi” kamar haka:

```
=?UTF-8?Q?ku=C9=97i?=
```

Wannan ba dalili ba ne na daina rubuta Hausa daidai. Dalili ne na sa lamba a take, domin 4417 ba ta da ƙugiya kuma ba ta da rubutu biyu.

Inda take ba ya isa

Take mai kyau yana da iyaka, kuma sanin iyakar na hana dogaro da shi fiye da kima. Abu na farko da ido ke sauka a kai shi ne sunan mai aikawa. Idan dilan Kankiya ya aika daga adireshin ɗansa, mai ɗauke da laƙabi da lambobi, manajan ba zai gane shi ba, kuma take mai maganar amincewa daga baƙon suna na iya ƙara masa shakka. Ya kamata sunan da ke fitowa ya zama wanda kamfanin ya sani, na mutum ko na shago.

Na biyu, take yana fitowa a allon waya ko tana kulle, inda direba ko wanda ke zaune kusa zai iya gani. Saboda haka ba a sa lambar asusun banki, ko albashin wani, ko sunan ma'aikacin da ake tuhuma, ko rashin lafiyar mutum a take. A irin wannan hali a faɗi nau'in maganar da lambar fayil, a bar sauran a ciki.

Na uku, imel ba hanyar gaggawa ba ce. Idan abin da ya rage awa biyu ne, a kira waya, sannan a aika imel ya zama shaida. Ko a misalin taki, hikima ita ce dilan ya aika saƙon ranar Litinin, idan bai ji komai ba zuwa safiyar Laraba ya kira, ya ce ya aiko da saƙo mai lamba 4417. A nan ma taken ne ya sauƙaƙa kiran, domin manajan zai same shi nan take. Haka kuma a ofisoshin da amincewa ba ta tabbata sai da takarda da sa hannu a fayil, imel sanarwa ce kawai, ba ya maye gurbin takardar.

Na huɗu, dole take ya yi daidai da abin da ke ciki. Wanda ya rubuta “Don sani” alhali a sakin layi na huɗu yana neman kuɗi, ko ya sa `Re:` da hannunsa don a zaci tsohuwar magana ce, zai iya samun a buɗe saƙonsa sau ɗaya. Daga nan manajan ya san shi.

Yadda ake gane take bai yi aiki ba

Alamomin a bayyane suke. Idan mai karɓa ya kira yana tambayar abin da saƙon ya ƙunsa, ko ya amsa bayan wa'adi ya wuce yana cewa bai san akwai wa'adi ba, ko ya ce a sake turowa domin ya nema bai gani ba, matsalar daga take ne. Mutum zai iya gwada kansa ta hanyar buɗe jerin saƙonnin da ya aika, wanda ke ƙarƙashin `Sent`, ya karanta take ashirin na ƙarshe ba tare da buɗe ko ɗaya ba. Duk wanda shi da ya rubuta bai iya tuna abin da ke ciki ba, manajan ma ba zai iya ba.

Kafin aika saƙo mai muhimmanci kuwa, gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya fara tura wa kansa, ya duba a wayarsa inda aka datse layin. Idan abin da ya rage kafin ɗigo uku ya faɗi aikin da ake so, da ranar, da abin da ake magana a kai, sai ya aika. Idan bai faɗa ba, sai ya matso da waɗannan kalmomi gaba, ya mayar da sauran baya ko cikin wasiƙar.